Sharhi: Kafin A Aika Takardar Gayyatar Taro



Sharhinmu na yau ya shafi wani aiki da yake faɗo wa sakatarorin ofis, da magatakardan ƙungiyoyi, da duk wanda shugaba yake cewa, "Ga saƙonnin nan, a gyara a tura." Saƙonni ne na kiran taro da na ɗage taro, waɗanda aka rubuta a tsaitsaye, wasu ma da murya aka ɗauke su ana cikin mota. Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne, yawancin masu wannan aiki suna ɗauka cewa gyaran lafazi aka ba su, sai su shiga neman manyan kalmomi. Alhali matsalar irin waɗannan saƙonni tana cikin abin da ba su faɗa ba, kuma duk iya rubutun mutum ba zai cike gurbin ranar da ba a ambata ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wani ƙaramin kamfani ne na saye da sayar da hatsi a Kano, kusa da kasuwar Dawanau. Ranar Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025, sakatariyar kamfanin ta shigo ofis da safe ta tarar da saƙonni biyar daga shugaba a WhatsApp. Zan karanto muku su yadda suke.

Na farko ya shigo ranar Lahadi da dare: "Salam. A gaya wa mutanenmu mu haɗu jibi bayan La'asar a wajen da muka saba, akwai magana."

Na biyu, Litinin da sassafe: "Abin nan na Talata ba zai yiwu ba, zan je ta'aziyya. A matsar da shi gaba, ko Alhamis."

Na uku: "Hajiya Ma'aji ta taho da takardun nan."

Na huɗu: "A haɗa mu da mutanen Kumasi da na Maraɗi ta Zoom, Laraba ƙarfe goma."

Na biyar: "Babban taron shekara, daren Juma'a mai zuwa. A sanar da masu hannun jari."

Babu wanda zai zargi shugaban nan. Ya san abin da yake nufi sarai, kuma haka dukanmu muke magana da wanda muke tare da shi kullum. Sai dai takardar gayyata tana zuwa hannun wanda ba ya nan lokacin da aka yi maganar, kuma shi ba abin da zai dogara da shi sai abin da ke rubuce.

Abu na farko da sakatariya za ta yi ba rubutu ba ne. Za ta jera saƙonnin bisa lokacin da aka aiko su, sannan ta ƙirga taro nawa ne a ciki. Saƙonni biyar ne, amma taro uku ne. Na farko da na biyu magana ɗaya suke yi, na biyun ya soke na farkon. Na uku kuwa yana reto, ba a san wane taro Hajiya za ta kai takardun ba. Wanda ya ɗauki saƙonnin ya gyara su ɗaya bayan ɗaya, zai fitar da gayyata mai kyau zuwa taron Talata wanda aka riga aka fasa, kuma wannan kuskure ne da ake yi fiye da yadda kuke zato.

Daga nan sai ta ɗauki farar takarda, ta ware wa kowane taro layinsa, ta yi wa kowanne tambayoyi iri ɗaya. Su wa ake gayyata? Me za a tattauna, kuma me ake so a yanke? Wace rana, ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi? A ina? Me kowa zai taho da shi? Wa za a ba amsa, kuma zuwa yaushe? Inda saƙon ya ba da amsa ta rubuta, inda bai bayar ba ta bar gurbin a buɗe. A taron farko kusan duk gurabun a buɗe za su kasance. "Mutanenmu" ba suna ba ne. "Akwai magana" ba ajanda ba ce. "Wajen da muka saba" kuwa, idan kamfanin yana da ofis a cikin gari yana kuma da sito a bakin kasuwa, kuma an taɓa zama a duka biyun, to rabin mutanen can za su nufa, rabin nan.

Ina so in ɗan jima a kan maganar lokaci, domin a nan aka fi samun saɓani.

Ku duba "jibi". Shugaba ya rubuta ranar Lahadi, jibinsa Talata ce. Idan sakatariya ta tura saƙon yadda yake ranar Litinin, jibin mai karantawa Laraba ce. Wanda wayarsa ba caji, bai buɗe ba sai Talata da safe, jibinsa Alhamis ce. Gobe, jibi, gata, citta, mako mai zuwa, duk suna tafiya ne da ranar da aka karanta su, saboda haka ba su da gurbi a takardar gayyata. Abin da ake rubutawa shi ne sunan rana da kwanan wata tare: Alhamis, 13 ga Nuwamba. Ana haɗa su biyun ne domin kowanne ya zama shaidar ɗayan. Idan hannu ya kuskure aka rubuta Alhamis 14 ga wata, mai karatu zai duba kalanda ya ga ba su dace ba, ya kira ya tambaya. Idan kwanan wata ne kaɗai, kuskuren zai wuce ba wanda ya gani.

Kuma a rubuta sunan watan da haruffa. Mu a nan idan muka ga 11/12 muna karanta 11 ga Disamba, amma a tsarin Amurka wata ake fara rubutawa, don haka 12 ga Nuwamba ce a wurinsu. Kwamfutoci da wayoyi da yawa da wannan tsari suke zuwa. Kalmar "Nuwamba" guda ɗaya ta kashe wannan rigima.

Sai "bayan La'asar". Ni ba na cikin masu cewa a daina auna lokaci da salla. Da salla muke tsara yininmu, kuma taron da bai yi la'akari da ita ba zai watse a tsakiya. Amma bayan La'asar fili ne mai faɗi, daga idar da salla har kusan faɗuwar rana. Wani masallacin yana tayar da salla da an kira, wani sai ƙarfe 4:00. Lokacin kansa yana motsawa da watannin shekara, kuma yana bambanta daga gari zuwa gari: tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai tazarar kusan rabin sa'a, domin rana tana riga fitowa da faɗuwa a gabas. Gyaran mai sauƙi ne, a haɗa biyun: ƙarfe 4:30 na yamma, bayan sallar La'asar. Sannan a faɗi lokacin tashi. A Nuwamba Magariba a Kano tana shiga wajen ƙarfe 6:00, saboda haka taron da aka ce daga 4:30 zuwa 5:30 ya bar wa kowa sararin alwala da kama hanya. Faɗin lokacin tashi yana sa mai uzuri ya san ko zai iya zuwa, yana kuma taimaka wa mai jagorantar zama ya tsayar da doguwar magana ba tare da ya ɓata wa kowa ba.

"Daren Juma'a" ya fi su duka haɗari. A lissafinmu na addini dare yana riga yini, don haka dattijo idan ya ce daren Juma'a, sau da yawa yana nufin ranar Alhamis da dare, wayewar gari Juma'a. Matashin da ya saba da kalandar ofis kuwa zai ɗauka Juma'a ce da dare. Kowannensu yana da hujja, kuma za su zo a ranaku biyu daban. A takarda sai a ce Alhamis kaza ga wata, ƙarfe 8:30 na dare, bayan sallar Isha'i.

To, yanzu takardar sakatariya cike take da gurabu. Me za ta yi? A nan ne wasu suke yin kuskuren da ya fi kowanne tsada, wato su cike da zato domin kada a ce ba su iya aiki ba, ko domin suna jin nauyin komawa wurin babba da tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Amma tambayar ma tana da tsari. Kada ta riƙa kiran shugaba duk bayan minti goma. Ta tara tambayoyin duka, ta kira sau ɗaya, kuma ta kawo su ta yadda amsar za ta zama e ko a'a.

"Ranka ya daɗe, barka da kwana. Zaman da aka ɗage, in sa Alhamis 13 ga wata, 4:30 zuwa 5:30, a ofishin sito?"

"E, sa haka."

"Manajan sayayya, da Hajiya Ma'aji, da mai kula da sito. Akwai wanda na bari?"

"A ƙara direban babbar mota."

"Maganar farashin wake da riɗi ce? Kuma takardun Hajiya na wannan zaman ne?"

"Ita ce. Bayanin banki na Oktoba da jerin masu bin mu kuɗi."

Akwai kuma tambayar da aka fi mantawa: "Ranka ya daɗe, saƙon farkon nan, akwai wanda ya riga ya gani?" Amsar ita ce take nuna irin takardar da za a rubuta. Idan ba wanda ya gani, babu zancen ɗagewa sam. A rubuta gayyata zuwa Alhamis kawai, kada a ambaci Talata, domin ambatonta zai saka wa mutane ranar da ba su taɓa sani ba a ka. Idan kuwa shugaba ya riga ya jefa saƙon a zauren ma'aikata na WhatsApp, to akwai masu shirin zuwa Talata, dole a kashe wannan rana a fili. A misalinmu ya riga ya jefa. Ga yadda takardar za ta fito.

"An ɗage zaman farashin wake da riɗi zuwa Alhamis, 13 ga Nuwamba.

Assalamu alaikum. Zaman da aka sa ranar Talata, 11 ga Nuwamba, ba za a yi shi ba, saboda Shugaba zai je ta'aziyya. Sabuwar rana ita ce Alhamis, 13 ga Nuwamba, 2025, daga ƙarfe 4:30 zuwa 5:30 na yamma, bayan sallar La'asar, in sha Allahu. Wurin zama shi ne ofishin sito, ba ofishin cikin gari ba.

Za a yanke shawara kan adadin buhunan wake da riɗi da za a saya a wannan kaka, da farashin da ba za a wuce ba. Ana roƙon Hajiya Ma'aji ta taho da bayanin banki na watan Oktoba da jerin masu bin kamfani kuɗi. Manajan sayayya ya taho da farashin kasuwa na wannan mako.

Don Allah a sanar da Sakatariya ko za a samu zuwa, kafin ƙarfe 12:00 na rana, Laraba, 12 ga Nuwamba. A yi haƙuri da sauyin da aka samu. Na gode.

Sakatariya, a madadin Shugaba."

Mu duba abin da aka yi a nan. Layin farko ya ɗauke dukan labarin, domin shi ne kaɗai yake fitowa a fuskar waya kafin a buɗe saƙo, kuma a imel shi ne ake sa wa a gurbin take. Wanda yake cikin hayaniyar kasuwa ya leƙa wayarsa, ya ga "an ɗage" ya ga "Alhamis", ya riga ya tsira daga wahalar banza ko da bai karanta sauran ba. An ambaci tsohuwar rana sau ɗaya tak, tare da cewa ba za a yi ba. Sannan aka maimaita wuri da ajanda gaba ɗaya, ba a ce "sauran bayani yana nan yadda yake" ba. Takardar ɗagewa dole ta tsaya da ƙafarta, domin akwai wanda bai ga ta farko ba, kamar direban da aka ƙara, akwai kuma wanda ya goge ta.

Ku lura kuma da ajandar. Ba a ce "tattaunawa kan farashi" ba, an faɗi abin da za a yanke. Mutumin da ya san za a tsayar da adadin buhuna yau, da lissafinsa zai zo. Wanda aka ce masa "akwai magana" kuwa da fargaba zai zo, yana tunanin ko wani laifi ya yi. Na ga ma'aikatan da irin wannan kalma ta hana su barci, a kan zaman da bai shafi aikinsu da komai ba, kuma wannan nauyi ne da bai kamata a ɗora wa kowa ba.

Game da dalilin ɗagewa, jimla ɗaya ta isa, kuma ta zama gaskiya. Ta'aziyya ba abin ɓoyewa ba ne a wurinmu, hasali ma faɗinta yana sa mutane su yi wa shugaba gaisuwa. Amma da a ce rashin lafiya ce, ko matsalar iyali, to ba hurumin sakatariya ba ne ta baza ta sai da izinin mai ita. Sai ta ce wani uzuri ya taso wa Shugaba. Kada kuma ta ƙirƙiro dalili don ya yi daɗin ji, domin ranar da aka gano, takardunta na gaba sun rasa daraja. Sannan "ko Alhamis" da shugaba ya rubuta ba ta shiga takarda. Idan har ba a tsayar da sabuwar rana ba, a faɗi hakan: an ɗage, kuma za a sanar da sabuwar rana kafin yammacin Laraba. Ɗagewa "sai abin da hali ya yi" kan zama fasawa, ba tare da an yi niyya ba.

Wani zai ce, ina gaisuwa? Ina tambayar iyali da gajiya? Ashe takardar aiki sai ta bushe? Ni a ganina ba ta bushe ba. Sallama tana nan, in sha Allahu tana nan, "don Allah" da "a yi haƙuri" da "na gode" suna nan, an kira Hajiya da girmanta. Abin da aka cire shi ne layuka shida na share fage da suke tura ranar taro can ƙasa inda sai an ja allo kafin a gan ta. Kuma idan cikin waɗanda aka gayyata akwai dattijo, ko mai sarauta, ko wanda ya girmi shugaba, to ladabin da ya kamace shi a baki ake yinsa. A kira shi, a gaishe shi yadda ya dace, a sanar da shi, sannan takarda ta biyo baya ta zama abin tunawa. Takarda ba ta maye gurbin wannan kira ba, kiran ma bai maye gurbin takarda ba.

Mu koma kan saƙo na huɗu, na Kumasi da Maraɗi. "Ƙarfe goma" na wa? Nijeriya da Nijar agogonsu ɗaya ne, haka Kamaru da Chadi. Amma Ghana tana bayanmu da sa'a ɗaya, don haka 10:00 a Kano 9:00 ce a Kumasi. Idan mutumin Kumasi ya ɗauka goma ta garinsa ake nufi, zai shigo bayan an tashi. Sudan tana gabanmu da sa'a ɗaya, Saudiyya da sa'a biyu. Birtaniya kuwa tana sauya agogo sau biyu a shekara, ranar Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Landan, sauran watannin suna bayanmu da sa'a ɗaya. Wanda ya haddace cewa lokacinmu ɗaya da su a watan Agusta, zai yi kuskure a Nuwamba. Ga gayyatar.

"Gayyata: zaman daidaita lissafi ta Zoom, Laraba, 12 ga Nuwamba.

Assalamu alaikum. Shugaba yana gayyatarku zama ta Zoom ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, ƙarfe 10:00 na safe agogon Nijeriya da Nijar, wato 9:00 na safe agogon Ghana. Zaman na minti 35 ne. Za a daidaita lissafin kuɗin da ke tsakaninmu na kakar bara, a kuma tsayar da ranar biya. Don Allah kowa ya ajiye rasitansa kusa."

A ƙarƙashin wannan sai a liƙa adireshin shiga, da lambobin nan biyu da manhajar take kira Meeting ID da Passcode, da lambar wayar da za a kira idan intanet ta yanke. Me ya sa minti 35? Saboda Zoom na kyauta yana katse zama bayan minti 40. Sakatariyar da ta san haka, ko dai ta tsara zaman ya ƙare kafin nan, ko ta rubuta tun farko abin da za a yi idan ya katse. Kuma kada ta rubuta waɗannan lambobi da hannu, ta kwafo su kai tsaye, ta gwada shiga da wata wayar kafin ta aika.

Ga masu aiki da kalandar kwamfuta, akwai abu ɗaya da zan ƙara. Idan taro ya riga ya shiga kalandar mutane ta Outlook ko Google Calendar, sannan aka ɗage shi, kada a buɗe sabon taro. A buɗe tsohon, a sauya rana da lokaci, a aika wa kowa sabuntawar. A Outlook maɓallin shi ne Send Update. Idan aka ƙirƙiri sabo aka bar tsohon, taro biyu za su zauna a wayar kowa, kuma ranar Talata waya za ta yi ƙara ta tuna wa mutane zaman da babu shi.

Saura na biyar, kuma shi ne yake nuna iyakar wannan aiki. Shugaba yana son babban taron shekara cikin 'yan kwanaki. A nan komai kyan rubutu ba zai yi amfani ba, domin dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta tanadi sanarwar kwana 21 kafin babban taron kamfani. Ba a rage wannan wa'adi a taron shekara sai idan duk masu haƙƙin halarta da jefa ƙuri'a sun amince. Dokar ta kuma ce sanarwar ta ƙunshi wuri, da rana, da lokaci, da irin abubuwan da za a gabatar, ta kuma shaida wa mai hannun jari cewa yana iya naɗa wakili ya halarta a madadinsa. Idan sanarwa ta fita 10 ga Nuwamba, kwana 21 suna cika ne ranar 1 ga Disamba. Aikin sakatariya a nan shi ne ta koma ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ranar ba ta cika wa'adi ba, ko a duba Asabar, 6 ga Disamba?" sannan ta nuna wa lauyan kamfani daftarin kafin ya fita. Shawarar da aka yanke a taron da ba a yi wa sanarwa bisa ƙa'ida ba, wanda bai ji daɗinta ba yana iya ƙalubalantarta. Ƙungiyoyi ma suna da nasu wa'adin a kundin tsarin mulkinsu, magatakarda ya buɗe ya duba kafin ya sa rana.

Kafin a aika, akwai dubawa ta ƙarshe, kuma ta fi muhimmanci idan takardun suna da yawa. Mai gyara takardu da dama a zama ɗaya yakan kwafi ta farko ya sauya 'yan kalmomi ya fitar da ta biyu, sai a tarar da ofishin sito ya maƙale a gayyatar Zoom, ko sunan Hajiya Ma'aji ya tafi Kumasi. Saboda haka a ɗauki kowace takarda ita kaɗai, a ajiye kalanda a gefe, a tabbatar rana da kwanan wata sun dace, a karanta ta da ƙarfi. In da hali a miƙa wa abokin aikin da bai san komai game da taron ba, a tambaye shi: yaushe ne, ina ne, me za ka kawo? Idan ya yi jim, ko ya ce "ina jin", takardar ba ta gama ba. Kuma kowane taro da saƙonsa, zuwa ga mutanensa kaɗai. Taro uku a saƙo ɗaya yana sa direba ya karanta lissafin da bai shafe shi ba, mai hannun jari kuma ya rikita Laraba da Alhamis.

Akwai waɗanda ba sa karanta boko, ko idonsu ya yi rauni, kuma suna cikin manyan 'yan kasuwarmu. A aika musu da saƙon murya, amma kada a sake tsara maganar da ka. A karanta musu takardar nan da aka gyara, a hankali, a maimaita rana da lokaci sau biyu, domin abin da suka ji ya zama daidai da abin da sauran suka karanta.

Bayan an aika, wayar sakatariya ce za ta nuna ko aikin ya yi. Idan kiran da ke shigowa na "zan zo" ne da "ba zan samu zuwa ba", takarda ta yi aikinta. Idan kuwa ana tambayar "wane ofishin?" ko "Talatar ce ko Alhamis?", to akwai gurbin da aka bari, kuma duk wanda ya kira, akwai wasu da suke da irin tambayarsa ba su kira ba. A gyara a sake aika wa kowa, ba wanda ya tambaya kaɗai ba. Waɗanda ba su amsa ba har wa'adin ƙarfe 12:00 na Laraba ya cika, a bi su da kira, musamman waɗanda ba a iya yanke shawara sai da su.

Ina kira ga shugabanni, idan sakatarenku ya dawo muku da tambaya, ku ba shi minti biyun nan ku amsa, kada ku nuna masa ya dame ku. Ku kuma sakatarori da magatakarda, kada ku sa hannu a takardar da ku kanku ba ku san ranarta, da wurinta, da abin da za a yanke a cikinta ba.